Lacca: Yadda ake fitar da faɗin silinda da tafiyar fistin daga girman inji

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da iyayen gidanmu makanikai da suka baro gareji suka zo, sannunku da zuwa.

Tambayar da ke gabanmu ita ce wannan. An ce maka ana son inji mai lita biyu, wato si-si 2000, mai silinda huɗu. Nawa faɗin kowace silinda zai kasance, kuma nawa fistin zai yi tafiya daga sama zuwa ƙasa?

Mu fara da abin da si-si yake aunawa, domin nan ake yawan ruɗewa. Si-si ɗaya santimita ɗaya ce a tsawo da faɗi da zurfi, dubu ɗaya su ne lita guda. Girman da ake rubutawa a jikin inji kuwa ba duka cikin silinda ba ne, wurin da kan fistin yake sharewa ne kawai, daga inda ya ƙure a sama zuwa inda ya ƙure a ƙasa. Ɗan sararin da ya rage a sama, inda fetur ke kamawa da wuta, ba ya cikin wannan lissafi.

Wurin da fistin ke sharewa kamar gwangwani yake. Cikinsa shi ne filin bakinsa a ninka da tsayinsa. In muka kira girman inji V, faɗin silinda D, tafiyar fistin L, yawan silinda n, ga abin da za a samu:

```
V = (π/4) × D² × L × n
```

Matakin farko ba wuya. A raba 2000 gida huɗu, kowace silinda ta tashi da si-si 500. To a nan ne ɗalibi yake tsayawa cak, kuma yana da gaskiya. Lissafi ɗaya ne a hannunsa, abubuwan da bai sani ba kuwa biyu. Gwangwani gajere mai faɗi da dogo siriri duk suna iya ɗaukar si-si 500. Girman inji da yawan silinda su kaɗai ba za su ba ka amsa ba, sai kai mai zanen ka yanke shawara a kan abu guda, wato yadda tafiyar fistin za ta kasance idan aka gwada ta da faɗin. Wannan gwargwado mu kira shi k, wato L a raba da D. Da ka zaɓe shi, L ta zama k sau D, sai abin da ba a sani ba ya koma ɗaya:

```
D³ = 4 × V / (π × k × n)
L = k × D
```

Mu ɗauki k daidai da 1, faɗi da tafiya kunnen doki. Huɗu sau 500 dubu biyu ne, a raba da 3.1416, a sami 636.6. Yanzu ana neman lambar da in ka ninka ta da kanta, ka sake ninkawa da ita, za ta ba da 636.6. Ita ce 8.60. Tunda da si-si muka shiga, da santimita za mu fita: faɗi milimita 86, tafiya milimita 86.

Kada ka tashi daga kan lissafi ba ka mayar da amsar ka gwada ba. Faɗin 8.6 yana ba da filin baki 58.09, a ninka da 8.6 a sami 499.6, sau huɗu 1998. Shi ya sa motar da ake kira mai lita biyu za ka ga takardarta ta ce 1998. Injin Toyota 3S-FE da Honda K20 duk 86 da 86 ne. Daga nan kuma ka san wani abu game da karanshaf: nisan da ke tsakanin tsakiyarsa da tsakiyar inda kwanrod ke kamawa rabin tafiyar fistin ne, milimita 43.

To me ya sa ba kowa ke zaɓar 1 ba? Bari mu gwada gefe biyu a kan wannan si-si 500. Da k na 1.2, faɗi zai sauko zuwa milimita 81, tafiya ta hau 97. Da k na 0.9, faɗi ya kai 89, tafiya ta dawo 80. Girma ɗaya, hali daban.

Alƙalin da ke raba gardamar shi ne saurin fistin. A kowane juyi ɗaya na karanshaf, fistin yana sauka ya hau, tafiya biyu ke nan. Idan S shi ne matsakaicin saurin fistin, N juyi a minti, L kuma a mita:

```
S = 2 × L × N / 60
```

A juyi 6000, mai tafiyar 80 yana cin mita 16 a daƙiƙa, mai 86 yana cin 17.2, mai 97 kuwa 19.4. Injinan fetur na motocin yau da kullum ana riƙe su ne a wajen mita 20 ko ƙasa da haka, domin bayan nan ringi da bangon silinda suna saurin cinyewa, kwanrod kuma yana shan fizga mai tsanani duk sanda fistin ya juya. Ka ga mai 97 ya kusa bango tun a 6000. Saboda haka in inji mai juyi da yawa kake so, gajarta tafiya ka buɗe faɗi, kuma za ka sami wurin sa manyan bawul, iska ta shiga a wadace. Amma faɗin ma da kuɗinsa. Bulok zai yi tsawo tunda silinda huɗu a jere suke kuma dole a bar hanyar ruwa a tsakaninsu, wutar fulogi za ta yi tafiya mai nisa kafin ta kai gefe, zafi kuma ya fi zurarewa ta faffaɗan rufi. Doguwar tafiya ta fi dacewa da injin da ke juyi a hankali yana jan kaya, shi ya sa manyan injinan dizal suka karkata can. Fijo 504 mai lita biyu da aka riƙa haɗawa a Kaduna tana gefen gajeriyar tafiya, faɗi 88, tafiya 81, si-si 1971, k ɗinta 0.92.

Yawan silinda ma yana taɓa wannan. A raba 2000 ɗin gida shida, kowace ta sami 333.3, da k na 1 amsa ta zama milimita 75. Injin Toyota 1G haka yake, 75 da 75, si-si 1988. A juyi 6000 fistinsa mita 15 kawai yake ci, amma ka ƙara fistin biyu da kwanrod biyu da bawul, ga tsawon bulok.

Kurakuran da ake yi suna da alama, don haka ku riƙe su. In faɗin ya fito santimita 25, ka danna maɓallin √ a kalkuleta maimakon ∛. In ka gwada injin lita biyu ka ga wajen si-si 500, ka manta ninkawa da yawan silinda. In ka ga kusan 8000, ka sa faɗin gaba ɗaya a lissafin da ke neman rabinsa, abin ya ninku huɗu. In kuma ka ga wajen miliyan biyu, da milimita ka yi aiki, sai ka raba da 1000.

Ga iyayen gidanmu masu kai bulok wajen borin: idan aka ƙara milimita 0.50 a kan 86, faɗi ya zama 86.5, tafiya tana nan yadda take, girman ya tashi daga 1998 zuwa wajen 2021. Si-si 23 ne kawai, kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari. Ƙarfin da direba ke ji bayan aikin ba daga wannan ƙarin ya zo ba, daga sabon fistin da ringi ne da suka daina barin iska tana zurarewa ƙasa.

Wanda ke da kalkuleta a hannu ya gwada wannan kafin mu shiga tambayoyi: babur ɗin Honda CG125, silinda ɗaya, faɗi 56.5, tafiya 49.5. Ya kamata ka ga si-si 124.