Ranar da na mai da burodi mutum a kasuwar Darajani

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da hayaniya, yau a kasuwar Darajani nake, nan bakin tsohon garin Zanzibar. Ga 'yan babur, ga masu tura amalanke, ga warin kifi da ke dukan hanci tun daga titi. Na yi alkawarin zan nuna muku abin da ya fi wahalar da ni a Swahilanci, kuma ban ga wurin da ya fi kasuwa dacewa da wannan darasi ba, domin a nan na fara shan kunya.

Watana biyu da zuwa na tsaya gaban wata dattijuwa mai sayar da burodi. Na gaishe ta yadda ake gaida manya, na ce shikamoo, ta amsa da marahaba. Na duba tiren babu komai, sai na haɗa 'yan kalmomina na ce, "Mkate amekwisha?" A nufina, burodi ya ƙare? Matar nan ta dube ni, ta juya ta dubi maƙwabciyarta, ta ce, "Ni nani huyo Mkate?" Wai wane ne shi wannan Mkate ɗin? Suka kwashe da dariya har da tafa hannu. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni, ban san laifina ba. Ashe harafi ɗaya ne ya kashe ni. Umekwisha ya kamata in ce. Da na sa a a gaban aikatau, na ba burodi rai ke nan, na mai da shi wani bawan Allah mai suna Mkate.

To bari mu bi abin a hankali. Mu Hausawa mun saba da namiji da mace da jam'i. Farin doki ya faɗi, farar akuya ta faɗi, fararen dawaki sun faɗi. Kun ga sifa tana canza riga, ya da ta da sun su ma suna bin sunan. Ba wanda ya koya mana, da nono muka sha. Swahilanci ba ruwansa da namiji da mace ko kaɗan. Kalma ɗaya, yeye, ita ce shi, ita ce ita. Amma a madadin haka sai ya rarraba sunaye gida-gida, kuma gidajen sun haura goma. Su suna kiran abin ngeli. Kowane gida yana da tambarinsa da ake liƙawa a goshin kalma, abin da malaman Hausa ke kira ɗafa-goshi, kuma duk kalmar da ta raɓi sunan a cikin jimla sai ta ɗauki tambarin gidan.

Zo nan da kyamara, ga mai kwanduna. Kwando shi ne kikapu. In sun yi yawa, vikapu. Yanzu ku saurari wannan jimla da kunnen basira: kikapu kikubwa kimoja kimeanguka. Babban kwando guda ya faɗi. Ki, ki, ki, ki, sau huɗu. Asalin kalmar girma kubwa ce, ɗaya kuma moja, faɗuwa anguka, wannan me da ke tsakiya shi ke nuna aiki ya riga ya faru. Sauran duk tambarin kwando ne yake bin su. In kwanduna biyu ne sai ki ya tashi, vi ya zauna: vikapu vikubwa viwili vimeanguka. Wallahi ranar da na fara jin wannan sai na ce ai waƙa ce. Wannan gidan shi ne mafi sauƙi, shi ya sa ake fara koyar da baƙi da shi, kuma shi ke yaudarar mutum ya zaci duka haka suke.

Wani abin ban sha'awa a gidan nan, kalmar Larabci kitab da muka aro muka ce littafi, su ma sun aro ta suka ce kitabu. Da kunnensu ya ji ki a farko sai suka ɗauka ɗan gida ne, jam'insa ya zama vitabu. Sunan harshe ma a nan yake kwana. Ni Mhausa ne a bakinsu, mu duka Wahausa, abin da muke magana da shi kuma Kihausa.

Mu koma kan burodina. Gidan mutane yana farawa da m a tilo, wa a jam'i. Yaro mtoto, yara watoto. Mtoto mdogo ameanguka, ƙaramin yaro ya faɗi. Watoto wadogo wameanguka, ƙananan yara sun faɗi. Ku lura a tilo sifa ta ɗauki m, amma aikatau a ya ɗauka. To ni da na ga mkate ya fara da m, sai na tura shi gidan su mtoto. Ashe akwai wani gida dabam da shi ma yake farawa da m, gidan bishiya da hannu da ƙofa da burodi: mti, mkono, mlango, mkate. A tilo, in ka tsaya kan suna da sifa kaɗai, ba za ka taɓa bambance su ba. Mtoto mdogo, mkate mdogo, kamar an tsaga kara. Sai an zo aikatau asiri ke tonuwa: mkate mdogo umeanguka. Jam'insa kuma ba wakate ba ne, mikate ne: mikate midogo imeanguka.

Daga ranar na daina yarda da fuskar suna. Kuma na gano ba ni kaɗai na ga haka ba. Littattafan Turawa lamba suke ba gidajen, tilo da lambarsa, jam'i da tasa, har zuwa 18. Amma a makarantun Tanzaniya da Kenya da tambarin aikatau ake kiran su. Gidan yaro A-WA, gidan burodi U-I, gidan kwando KI-VI. A ganina wannan ya fi amfani ga mai son buɗe baki ya yi magana, domin abin da za ka furta ke nan.

Ga masu kayan marmari, nan ne wasan ya fi zafi. Wannan lemo ne, chungwa. Wannan ayaba, ndizi. Dubi chungwa, ba wani tambari a goshinsa da zai faɗa maka gidansu. Sai ka nemi jam'insa ka ji machungwa, sannan ka san ɗan gidan LI-YA ne. In ya ruɓe sai ka ce chungwa hili limeoza. In da yawa ne, machungwa haya yameoza. Ita kuwa ndizi ko gezau ba ta yi, ɗaya ndizi, ɗari ma ndizi. Gidansu I-ZI, kuma gida ne mai yawan jama'a, a nan gida da shayi da waya suke, nyumba da chai da simu, da tarin kalmomin aro. Tun da sunan ba ya motsi, maƙwabtansa ne ke ba da labari. Ndizi hii imeoza, ayaba ɗaya ce ta ruɓe. Ndizi hizi zimeoza, tarin ne gaba ɗaya ya tafi. In ka yi kuskure a nan, mai kaya zai iya zaton hajarsa duka kake kushewa, alhali guda ɗaya ka nuna.

Sifa a gidan ayaba kuma tana da nata rikicin, don tambarin ɗan sautin hanci ne da ke narkewa cikin kalma. Kyau shi ne zuri. Lemo mai kyau chungwa zuri, tsirara ba komai a gaba, amma ayaba mai kyau ndizi nzuri. Tsawo refu ne, sai ya koma ndefu. Muni baya, ya koma mbaya. Biyu da muka ji viwili a wurin kwanduna, a nan mbili ce. Amma kubwa ta ƙi karɓar komai, ndizi kubwa, daidai da chungwa kubwa. Na daɗe ina cewa nkubwa, ina ganin na iya, har sai da wani ɗan makaranta da bai fi shekara goma ba ya gyara mini a cikin mota.

Akwai ɗan sauƙi dai. Sifofin da aka aro daga Larabci ba sa ɗaukar tambarin kowa. Safi mai tsabta, ghali mai tsada, rahisi mai araha, haka suke a ko'ina. Lambobi ma sita da saba da tisa da kumi ba sa canzawa, amma ɗaya zuwa biyar da takwas sai sun bi gida. Shi ya sa sabon zuwa yake son sayen abu shida.

Yanzu ku toshe hanci mu shiga rumfar kifi. Kifi samaki ne, ɗaya samaki, da yawa samaki, ka rantse ɗan gidan su ndizi ne. Amma akwai doka da ta hau kan duk wata siffar kalma: abu in mai rai ne, mutum ko dabba ko tsuntsu, sifarsa da aikataunsa na gidan mutane ne. Saboda haka samaki huyu mkubwa, wannan babban kifi, samaki hawa wawili, waɗannan kifaye biyu. Ko ya mutu yana kwance kan tebur kamar wannan, in ya lalace ameoza za a ce, da a ɗin nan da na ba burodi aka yi mini dariya. Haka shugaba, kiongozi, ya fara da ki kamar kwando, jam'insa viongozi, amma kada ka kuskura ka ce kiongozi kizuri, ka mai da shi kayan ɗaki. Kiongozi mzuri amekuja, shugaba nagari ya zo. Karkanda ma, kifaru, haka ake yi masa. Sai dai 'yan uwa da abokai suna da wata 'yar gardama wajen mallaka. Ɗana mtoto wangu ne, amma abokina rafiki yangu, abokaina rafiki zangu, sannan aikatau ya koma na mutane: rafiki zangu wamekuja.

Tambarin nan ba a goshin aikatau kaɗai yake tsayawa ba, yana shiga har cikinsa ya wakilci abin da aka yi wa aikin. Bari in gwada da abin da ke cikin ledata. Saye shi ne nunua, ni kuma a farko yana nufin ni, kamar dai a Hausa, sa'a ce kawai. Kwandon nan, nimekinunua. Lemon nan guda, nimelinunua. Ayabar nan duka, nimezinunua. Kifi, nimemnunua, da m ɗin mutane. Ko ban ambaci sunan abin ba, mai sauraro ya rage zato, ya san daga wane gida abin ya fito.

Dabarar da nake yi yanzu, ga ɗan littafina, kowane suna sabo ba na rubuta shi shi kaɗai. Ina rubuta tilo da jam'i, sannan in kayar da shi ƙasa. Yai limeanguka, mayai yameanguka, ƙwai ke nan. Kisu kimeanguka, visu vimeanguka, wuƙa. Duk kayan kasuwar nan ba wanda bai faɗi a littafina ba.

Af, ga mamar tawa can ta hango ni, tana ɗaga hannu. Har yau in na zo ba ta kirana da sunana, Mkate take ce mini. Tiren nata da saura yau. Bari in ajiye kyamara in gaishe ta, in ce ta ba ni mikate miwili kafin su ƙare.