Dayod ɗin zena: ina ragowar wutar take tafiya?

Kwanan nan bidiyoyi sun yi yawa na masu haɗa dayod ɗin zena da batirin sola, wai za su yi cajin waya. Sai ka ga hayaƙi ya tashi, a ce kayan jabu ne. Kayan lafiyarsu ƙalau, lissafin ne ba a yi ba.

Ga shi nan a kan allo, 1N4733A, na bolt 5.1, wat 1. Dayod na yau da kullum hanya ɗaya yake barin wuta ta wuce, in ka juya shi sai ya toshe. Shi zena a juye ake sa shi da gangan, ɓangaren da ke da baƙin zobe yana fuskantar waya mai alamar tarawa. Sunan Clarence Zener ya ci, masanin da ya bayyana yadda abin ke faruwa a 1934.

Ku zuba wa mitocin nan biyu ido, ina ƙara wuta a hankali. Bolt 2, shiru. Bolt 3, shiru. Muna doso 5 sai karant ya fara ratsa shi ta baya, yana ta hauhawa, amma mitar boltej da ƙyar take motsi. Wannan ɓallewar ba lalacewa ba ce, muddin zafi bai yi yawa ba.

To, ga inda ake ruɗewa. Batir yana ba da 12, zena ya tsaya a 5.1. Ina sauran 6.9? Zena ba ya riƙe su. Wannan rizistan da na sa tsakanin batir da zena, a kansa suke zubewa. Aikin zena kawai ya haɗiye duk karant ɗin da lodi, wato abin da aka jona yana cin wutar, bai buƙata ba, kamar bututun rara na tankin ruwa, wanda ruwa na kaiwa bakinsa sai ya zubar. Cire rizista, ka ɗora zena kai tsaye a kan batir, babu mai taka wa karant birki. Hayaƙin da kuke gani ke nan.

Mu sa rizista mai om 220. Raba 6.9 da 220, ka sami miliamfiya 31. Abin da ake da shi ke nan gaba ɗaya, kuma zena da lodi ne za su raba. Na haɗa lodi mai cin 20, zena ya ɗauki 11. Na cire lodin, zena ya kwashe 31 ɗin duka. Ku duba mita, tana nan kusa da 5.

Yanzu rana ta take, sola na caji, batir ya hau 14.4. Karant ya koma 42, rarar ta bi ta zena, mita ta ɗan gusa kaɗan. Amma ku taɓa rizistan. Yana ƙona kusan wat 0.4, don haka ɗan ƙaramin nan na kwatan wat ba zai jure ba. Ni mai wat 1 nake sawa hankalina ya kwanta.

Mu koma bolt 12, mu sa lodi mai cin 40. Rizista 31 kawai zai iya bayarwa a wannan matsayin, saboda haka zena bai samu komai ba, ya fita daga aiki, boltej ya faɗo zuwa 3.2. In ka ga haka a wajen gyara, kada ka yi saurin cire zenan. Cire lodin tukuna. Idan 5 ta dawo, lodin ne ya yi nauyi ko rizista ya yi girma. Idan kuwa mita ta tsaya kusan sifili, rizista na zafi, to zenan ya ƙone ya haɗe, don galibi haka suke mutuwa.

Waya fa? A ce tana jan amfiya 1. Kana buƙatar rizista mai kusan om 7, zai riƙa ƙona kusan wat 7 a banza, fiye da abin da wayar ke samu. Kana zare wayar kuma, amfiya ɗin nan duka ya faɗa kan zena, wat 5 a kan abin da aka yi don wat 1.

Ko a ƙaramin aiki ma, 5.1 ɗin ba cif ba ne. Wannan samfurin zai iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, kuma a miliamfiya 49 aka auna shi. In karant ya yi ƙasa sosai, boltej ɗin kan ɗan sauka.

A ganina, a bar zena a inda ya ƙware: kare ƙafar ƙaramar na'ura daga wuta mai yawa, ko ciyar da lodi na ƴan miliamfiya. In buƙata ta ɗan fi haka, ga 7805, ɗan abin da ke daidaita wuta a bolt 5, a ɗaura masa ƙarfen sanyaya. Cajin waya daga batirin bolt 12 kuwa, a nemi ɗan allon nan na rage boltej mai LM2596, a saita shi a bolt 5 da mita kafin a jona wayar.