Sojan gona a kan kujerarsa ta halal

Wannan lacca ce da wani tsohon darakta a aikin gwamnati ya gabatar wa sababbin ma'aikata. An rubuto ta daga faifan murya, an kuma cire gaishe-gaishen farko.

Kafin mu yi nisa, duk wanda shi ne na farko a gidansu da ya taɓa karɓar takardar ɗaukar aiki, ya ɗaga hannu. To, madalla, kun fi rabin ɗakin nan. Ku sauke. Ni ma da ina zaune cikinku da na ɗaga, domin mahaifina marini ne, hannunsa bai taɓa rabuwa da shuɗin baba ba har Allah Ya karɓi ransa. Ranar da na kama aiki a matakin albashi na 08, ba wanda ya taɓa shiga ofis a zuriyarmu sai dai a kira shi biyan haraji.

Akwai wani abu da da yawanku ke ji amma ba ku faɗa wa kowa. Kana zaune a kan kujerarka, takardunka na gaskiya, jarrabawarka kai ka rubuta, amma zuciya tana raya maka cewa kuskure aka yi aka ɗauke ka, kuma yau ko gobe asiri zai tonu. Kana jin kanka sojan gona. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1978 wasu mata biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka wallafa bincike a kan mata fiye da 150 waɗanda suka yi fice a karatu da aiki, amma kowacce tana ganin sa'a ce kawai ta kai ta, ko kuma yaudarar mutane ta yi ba da saninta ba. Daga baya aka ga maza ma haka suke fama. Ba a sa shi cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa ba, hali ne na tunani. Na kawo wannan ne don kada wani ya zaci jifa aka yi masa.

Amma na ɗan fari a aiki yana da nasa dalili daban, shi nake so mu tsaya a kai. Bari in ba ku labarin fayil ɗina na farko.

Ina da wata uku a aiki, a wata ma'aikata da ba zan ambata ba, mataimakin darakta ya aiko mini fayil a kan gyaran wasu ajujuwa. Na karanta shi shafi-shafi, na rubuta minti mai kyau, wato bayanin da ma'aikaci ke rubutawa a cikin fayil, na mayar. Bayan kwana biyu masinja ya dawo da shi. A ƙasan mintina an rubuta haruffa biyu, B.U., da kwanan wata, da sa hannu. Shi ke nan. Na juya fayil, na sake juyawa, ban gane ba. A jami'a an koya mini tsarin mulki da tattalin arziki, ba wanda ya taɓa ce mini B.U. Yanzu kowa a nan ya sani, ko zai sani kafin sati ya fita, cewa ma'anarsa a mayar da fayil rajista, wato ofishin ajiye fayiloli, su shigar a littafinsu, su sake fito da shi a ranar da aka rubuta. Ni kuwa na ɗauka wani gyara ne ake so in yi. Babban akawu yana nan, tebur uku tsakanina da shi, tambayar minti ɗaya ce. Amma na ce a raina, idan na tambaya, yau za su gane ɗan marini ne ya shigo musu. Sai na sa fayil a aljihun tebur na kulle, kullum in fito da shi in sake karantawa ko zan gano laifina.

Sati uku aka yi ana neman fayil. Rajista suka duba littafin zirga-zirga, suka ga a hannuna ya tsaya. Washegari aka miƙo mini takardar neman ba'asi, wadda muke kira kwiri, aka ce in yi bayani cikin awa 48 dalilin da ba za a hukunta ni ba. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Ina cikin shekara biyun gwaji, ba a tabbatar da ni ba tukuna, na riga na fara tsara yadda zan gaya wa Inna an kore ni.

Akwai abokin aikina da muka fara rana ɗaya, mahaifinsa ya yi babban sakatare. Ya karanta takardar, ya yi dariya, ya ce: “Wannan ai ba komai ba ce. Ka rubuta layi biyar, ka amsa laifinka, ka faɗi inda fayil yake, ka ce ba za ka sake ba. Babanmu ya ce ma'aikacin da bai taɓa shan kwiri ba, bai taɓa aiki ba.” Haka na yi. Aka ja mini kunne da baki, magana ta mutu.

Ku duba bambancina da shi. A karatu ba ya gabana, shi da bakinsa yake faɗa. Abin da yake da shi wanda ba ni da shi shi ne ma'auni. Tun yana yaro yana jin ana hirar kwiri da canjin wurin aiki da ƙarin girma a bakin tabarma, ya san wane kuskure ne na ja-kunne, wanne ne na kora. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni kuwa kowane kuskure girmansa ɗaya a wurina, duk na kora ne. Da a marina ne, ina kallon ruwan baba zan gaya muku ya nuna ko bai nuna ba, shi kuma abokina zai tsaya kamar baƙauye. Wani masanin zamantakewa Bafaranshe, Pierre Bourdieu, wanda shi ma ɗan ƙauye ne, mahaifinsa ma'aikacin gidan waya, ya kira irin wannan gado jari na al'ada: sanin yadda ake magana da zama da shiga wuri, wanda yaro ke sha a gida ba tare da ya san yana koyo ba.

Saboda haka idan wannan tsoro ya taso maka, ɗauki takarda ka rubuta ainihin abin da ka kasa, da sunansa. Kada ka rubuta “ban iya aiki ba”, wannan ba ya kamuwa. Rubuta “ban san wa ake fara aika wa minti ba”, ko “ban san yadda ake cike takardar alawus ɗin tafiya ba”. Sannan ka tambayi kanka: akawu ko masinja zai iya koya mini wannan kafin azahar? Idan zai iya, to al'adar gida ce ba ka sani ba, kuma baƙo ko da ido makaho ne. A shekarata ta farko kusan duk abin da ya hana ni barci irin wannan ne. Kuma ku riƙe tsofaffin akawuna da ma'aikatan rajista da mutunci. Su ne kawun da ba ku da shi a gida, kuma tambayarsu ba ta shiga fayil ɗinka.

Wani lokacin kuma gaskiya ne ba ka iya ba. Ba zan yaudare ku ba. Alamarsa ita ce kuskuren yana cikin gundarin aikin da aka ɗauke ka dominsa, kuma yana maimaituwa bayan an gyara maka: lissafinka ba ya daidaita wata bayan wata, ko rahotonka kullum sai an sake rubuta shi daga farko. Wannan giɓi ne na ilimi, maganinsa koyo, ka nemi kwas ko ka zauna kusa da wanda ya iya. Mai giɓi yakan iya nuna maka inda giɓin yake. Mai jin kansa sojan gona kuwa, ka tambaye shi hujja ba shi da ita. Fom ɗin tantance aikinsa na shekara ya yi kyau, shugabansa yana ba shi aiki mai nauyi, amma sai ya ce maka ai shugaban ne mai kirki. Clance ta bayyana yadda abin ke zagayawa: a ba ka aiki, tsoro ya kama ka, ko ka yi ta shiri fiye da kima ko ka yi ta jinkiri sai daren ƙarshe, aiki ya yi kyau, a yaba, ka sami sauƙi na kwana biyu, sannan ka ce sa'a ce, ko kuma don na kwana a kai ne. Nasarar ba ta taɓa shiga asusunka, aiki na gaba daga sifili za ka fara.

A nan mu Hausawa muna da wani wuri mai santsi. An tarbiyyantar da mu idan an yaba mu ce “ikon Allah ne, addu'ar iyaye ce”. Gaskiya ne, kuma ban ce ku daina ba. Amma manomi ma yana cewa Allah ne Ya ba shi, kuma bai taɓa musun cewa shi ya yi huɗa ba. Tawali'u a baki yake da zuciya mai natsuwa. Idan kana faɗar kalmar cikinka yana ɗurar ruwa, wani abu ne daban.

Gida kuma ba ya sauƙaƙa abin. Ranar da albashin farko ya shigo ka zama “manya”, ƙanin mahaifinka da ya goya ka yana ce maka ranka ya daɗe cikin wasa, wasan da ba wasa ba. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin Inna, neman aikin ɗan maƙwabci, duk kanka. Wa za ka gaya wa kana tsoro? Ranar da na je gida da kwiri a aljihu, Inna ta dube ni ta ce: “Allah Ya rufa asiri.” Addu'a ce ta kullum, amma ni a ranar kamar ta leƙa cikina. A ofis kana ɓoye ɗan marini, a gida kana ɓoye ƙaramin ma'aikacin da ake aika wa kwiri.

Na ga hannu a baya. Eh, ƴata, ina jin ki.

Ta ce a wurin aikinta na tarayya ana ce mata ƴar kwata, wai rabon jiha ne ya kawo ta. To, wannan ba daga zuciyarki ya fito ba, daga bakin mutane ya fito, kada ki haɗa su. Tsarin raba daidai yana cikin kundin tsarin mulki tun 1979, an kuma kafa masa hukuma a 1996, kuma kowace jiha tana da nata kaso, har jihar mai yi miki gorin. Ko da ta wannan ƙofa kika shigo, ƙofar ba ta rubuta miki minti ko ɗaya ba. Ki sami littafi ki riƙa rubuta kowane aiki da kika gama, da kwanan wata, da abin da shugaba ya rubuta a kai. Zai yi miki amfani ranar cike fom na shekara, zai kuma yi miki amfani daren da zuciya ta fara ƙarya. In kuma abin ya kai ba kya barci, ba kya cin abinci, sati biyu ko fiye, ya wuce maganar lacca, ki ga likita.

An ɗaga mini takarda cewa an kira la'asar. Wanda ke da fayil a kulle a aljihun tebur, ya same ni a bakin ƙofa bayan salla, ba zan tambayi sunansa ba.