Tukunya ɗaya, risho ɗaya: lacca kan girkin ɗalibi mai ƙaramin aljihu

An rubuto wannan daga naɗin laccar da wata malamar sanin abinci ta yi wa sababbin ɗalibai mazauna hostal.

Assalamu alaikum, 'ya'yana ɗalibai. Na san yawancinku kun zo kuna jiran in jero muku sunayen abinci ashirin masu araha. Girki ɗaya zan koya muku yau, shinkafa da wake a tukunya ɗaya, amma za mu bi shi daki-daki, don wanda ya iya shi ya iya sarrafa rishonsa. Ɗalibi yakan lissafa kuɗin cefane ya manta da kuɗin wuta. Gas ne, kananzir ne, ko lantarki, duk mintin da tukunya ta yi a kan wuta kuɗi ne ke ƙonewa. Ga kuma abokin ɗaki a tsaye a kanka yana jiran ka sauke.

Me ya sa wake? Busasshen wake yakan yi watanni bai lalace ba, ba ruwansa da firji. Giram 100 nasa na ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, sama da giram 20, alhali ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne. Idan ya haɗu da shinkafa, abin da furotin ɗin ɗaya ya rasa ɗayan ya cike. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya yi mako yana cin taliyar leda tsura. Ciki ya cika, awa biyu yunwa ta dawo, ga kasala a aji.

Matsalar wake ɗaya ce, cin wuta. Maganinta kuwa tun dare ake yi. Kafin ka kwanta, auni rabin kofi, ka tsince, ka jiƙa a ruwan da ya ninka shi sau uku, don zai kumbura ya kusa ninka girmansa. Awa takwas ta isa. In ana zafi kada ya wuce haka da yawa. Idan ka ga kumfa a kai kuma yana warin tsami, ya fara ruɓewa. Zubar da ruwan jiƙon, ka ɗauraye. Jiƙon nan na rage lokacin dahuwa sosai, yana kuma rage kumburin cikin da wasunku ke kuka da shi.

To, ga risho ɗaya, ga tukunya ɗaya. Da me za a fara? Da suya. Zuba mai cokali uku, yanka albasa ɗaya, ka soya har ta yi laushi, sannan tumatir biyu ko cokali biyu na tumatirin gwangwani, da ɗan yaji. In ka ga mai ya taso sama, ya soyu. Juye a kwano ka rufe. Ku riƙe wannan da kyau: kada tumatir ya shiga tukunya kafin wake ya yi laushi. Tsaminsa na hana wake nuna, sai ka yi ta hura wuta waken na nan kamar tsakuwa. Gishiri bai da wannan laifin.

Yanzu zuba waken a tukunyar da sabon ruwa, ya tafasa sosai minti goma, sannan ka rage wuta ka rufe. Tafasar nan wajibi ce musamman ga babban jan wake mai siffar ƙoda, don yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda tafasa mai ƙarfi ce ke kashe shi. Idan akwai ƙwai, wanke bayansa ka jefa a ciki, bayan minti goma ka tsame, ka samu dafaffen ƙwai ba tare da ka kunna masa wuta daban ba. Ƙananan wake da aka jiƙa kan yi laushi cikin kusan rabin awa, manya kan kai awa guda. Agogo ba zai gaya maka gaskiya ba, domin tsohon wake ya fi sabo taurin kai. Ɗebo ƙwaya ɗaya ka matsa tsakanin yatsu biyu. In ta murje, lokaci ya yi. In ta tsage biyu tsakiyarta na da tauri, da saura.

Sai shinkafa, kofi ɗaya, a wanke. Nan ne yawanci ake caɓa girki, saboda ana zuba ta cikin ruwan da ba a san yawansa ba. Tsiyaye ruwan waken a kwano, ka auno kofi biyu ka mayar, in bai kai ba ka cika da ruwa. Zuba shinkafa, soyayyen tumatirin nan, da gishiri. Bari ya tafasa minti biyar a rufe. Watsa yankakken kabeji ko karas a sama, mayar da murfi, kashe wuta.

E, kashe wuta na ce. Sauke tukunyar a kan katako ko kwali mai kauri, nesa da risho, ka naɗe ta da tawul na auduga, ka lulluɓe da bargo. Tawul ɗin ya fara shiga, don bargo mai roba-roba na iya narkewa a jikin tukunya mai zafi. Ka bar ta minti talatin zuwa arba'in, kada ka leƙa. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa aikin, ba ƙonewa, ba ƙanzo, kuma risho ya samu sarari, ka ɗora ruwan shayi ko ka ba maƙwabci. In ka buɗe ka tarar da sauran tauri, ko dai murfin bai zauna ba ko ka yi saurin saukewa. Yayyafa ruwa kwata na kofi, mayar kan wuta minti biyar.

Wannan awon na mutum biyu ne. In kai kaɗai ne, raba komai biyu. Gobe a sa kifin gwangwani maimakon ƙwai, jibi taliya maimakon shinkafa, ita kam a kan wuta za ta ƙarasa.

Daga nan wata ɗaliba ta ɗaga hannu: “Malama, ni da safe nake dafa mai yawa, in ci rabi, in ɗumama sauran da dare. Akwai laifi?”

Akwai, 'yata, in ba ki da firji. A cikin ɗanyar shinkafa akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, wadda irinta ke tsallake dahuwa. Da shinkafar ta huce ta zauna a ɗaki, sai ƙwayar cutar ta farfaɗo ta yi ta hayayyafa tana sakin dafi, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Cikin awa ɗaya zuwa shida da ci sai amai ya taso. Abin da ya fi damuna, shinkafar na iya zama ba wari ba yauƙi, don haka sansanawa ba ta wadatar ba. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salsiyas, shi ya sa ake cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a ɗaki. Ita ma tukunyar cikin bargo, a buɗe ta a ci tun tana tururi, ba a bar ta ta wuni ba. Ki nemi abokiyar ɗakinki ku yi karo-karo, ke ki dafa na rana ku cinye tare, ita ta dafa na dare. Waken dare kuma ku jiƙa shi da safe kafin ku fita aji.