Takardar shaida ga ƙaramin jiyometir: me za ka rubuta a ciki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Damagaram. Yau da ku nake, ku manyan jiyometir masu kabine, waɗanda yaro zai zo ya tsaya gabanku yana sosa ƙeya ya ce patoro ina haɗa dosiye zan nemi shiga ƙungiyar ƙwararrun masu awon ƙasa, a taimaka mini da takardar shaida.

Abin da yawancinmu muke yi, mu zauna mu rubuta da faransanci mai daɗi cewa yaro ne mai ladabi, mai ƙwazo, ba ya makara, mu buga kashe mu sa hannu shikenan. To wallahi wannan ko direbanka za ka iya rubuta masa ita. Su masu duba dosiye abin da suke son sani shi ne, in an bar yaron nan shi kaɗai a fili da na'ura, ya dasa born, wato dutsen iyakar fili, born ɗin zai tsaya gaban alƙali ko ba zai tsaya ba.

Farkon takarda kar ka ja: kai wane ne, ya yi aiki ƙarƙashinka daga wane wata zuwa wane wata, da idonka ka ga aikinsa ko labari aka ba ka. Layi uku sun isa.

Sai misali, nan ne naman yake. Bari in ba ku wanda na taɓa sa wa wani yarona. Mun je wani lotisma a bayan gari, aka ba shi lambobin born biyu da aka ɗauka da GPS, a tsarin taswira na UTM, zon 32. Ya kafa istasiyo total, wato na'urar auna tazara da kusurwa, a kan ɗaya, ya harba ɗaya, na'ura ta ba shi mita 500 cif, ya lissafa tazarar daga lambobin sai ya ga mita 499 da santi 76. Santi 24 sun ɓace. Ni ina can gindin bedi ina shan shayi ina kallonsa, ban ce uffan ba. Wani yaron da tuni ya ce an tura born, ko amalanke ta bi ta kai, ya tone ya gyara, kun ga ya ɓata aikin gaba ɗaya kenan. Shi kuwa ya sake duba kumfar na'ura, ya duba saitin pirisim, ya sake harbawa, lamba ba ta motsa ba, sai ya zauna a kan dutse ya buɗe karne, littafin awonsa.

Ga abin da ya tuno. Damagaram tana zaune kusan daidai kan layin digiri 9 na gabas, wato tsakiyar zon 32, kuma a nan ne UTM yake tsuke tazara da 0.9996, santi 40 kenan a kowane kilomita. Ƙara da tsayin garin, sama da mita 400 bisa teku, shi ma yana cin wajen santi 7 a kilomita. A mita 500 sai ka tashi da santi 23 zuwa 24 ɗin nan. Born lafiyarsa ƙalau. Ya saka gyaran a na'ura, ya tabbatar da born na uku, sannan ya fara fitar da fegi.

To a takarda ban rubuta "ya iya lissafi" ba. Na rubuta wata da shekara, wurin, irin na'urar, tazarar da ya samu, bambancin, dalilin da ya gano da kansa, da cewa ni na sake bin lissafin na same shi daidai. Kalmar "da kansa" ku kula da ita, don in ka rubuta "mun yi" ba wanda zai san ko shi ya yi awon ko sandar awo kawai ya riƙe.

Misali na biyu ya zama na mutane, ranar da maƙwabta biyu suka taso kan iyaka kowa da takardarsa, yaron ya kira mai unguwa, ya auna gaban kowa, ya ƙi matsar da born ko taƙi ɗaya duk da an ja shi gefe.

Abin da bai taɓa yi a gabanka ba kuma, faɗi gaskiya ko ka bar shi. Ni na rubuta cewa awon nibo na hanya, wato na tudu da gangare, sau biyu kaɗai ya yi, kuma ina tsaye. Yaron ya ɗan ɓata rai, na ce masa in aka tambaye ka kan abin da na ƙara maka gishiri ka kasa, ni da kai duka mun sha kunya, kuma kashen nawa ne a ƙasa. Shafi ɗaya da rabi ta tsaya, na sa lambar wayar kabine, na ce ya ajiye karnensa kusa ko za a nema.