Daga Jadawalin Excel Zuwa Cikin Waya: Yadda Ake Haɗa Fayil ɗin vCard

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, barkanmu da wannan lokaci.

Mu ɗauki sakataren wata ƙungiyar manoma da ke da mambobi 240, sunayensu da lambobinsu duk suna cikin Excel, yana son su shiga wayarsa ba tare da ya zauna yana danna su ɗaya bayan ɗaya ba. Manhajar ajiye lambobi ta waya ba ta karanta fayil ɗin Excel. Abin da take ganewa shi ne fayil mai ƙarewa da .vcf, wanda ake kira vCard, kuma Android da iPhone duk sun yarda da shi. Haɗa fayil ɗin aikin minti biyar ne. Inda ake yin ɓarna shi ne a lambobin, tun kafin su bar Excel, don haka can za mu fi daɗewa.

Ku fara ganin yadda katin mutum ɗaya yake. Rubutu ne tsagwaronsa, layi shida:

```
BEGIN:VCARD
VERSION:3.0
N:;Malam Ɗanladi;;;
FN:Malam Ɗanladi
TEL;TYPE=CELL:+2348030000001
END:VCARD
```

Layin farko yana buɗe kati, na ƙarshe yana rufe shi. FN shi ne cikakken suna kamar yadda ake son a gan shi. N kuma suna ne a rarrabe gida biyar: sunan iyali, sunan mutum, na tsakiya, laƙabin gaba, laƙabin baya. Sunayenmu ba kasafai suke bin wannan rabo ba. Alhaji Sani Mai Taki, ina sunan iyali a ciki? Shi ya sa na fi son a zuba sunan gaba ɗaya a gida na biyu, a bar sauran wayam, kamar yadda kuke gani a allo. Kada dai a cire layin N, domin tsari na 3.0 yana buƙatarsa, kuma wasu wayoyi daga gare shi suke ɗauko sunan da za su nuna. Fayil na mutum 240 katuna 240 ne irin wannan, ɗaya na bin ɗaya.

To, mu koma kan jadawalin. Suna yana layin tsaye na A, lamba tana B, kan jadawali a layi na ɗaya, mutum na farko a layi na biyu.

Duk wanda ya taɓa rubuta 08030000001 a Excel ya ga sifilin farko ya ɓace, saura 8030000001. Excel ya ɗauki lambar waya a matsayin adadin lissafi, a lissafi kuwa sifilin gaba ba shi da amfani. Wannan bai kai a tayar da hankali ba, tunda mun san abin da ya faɗi. Wadda ta fi haɗari ita ce lambar da aka rubuta da 234 a gaba. Ta zama harafi goma sha uku, Excel kuwa idan adadi ya kai harafi goma sha biyu sai ya taƙaita shi, ka ga 2.34803E+12 a akwatin. Muddin fayil ɗin yana nan a .xlsx, cikakkiyar lambar tana ɓoye a ciki, in ka danna akwatin za ka gan ta a sama. Amma ranar da aka adana shi a CSV, wato jadawali a rubutu tsagwaronsa, a wannan hali, abin da ido ke gani shi za a rubuta, sauran haruffan sun tafi ke nan. Idan wani ya turo maka CSV ka tarar da E+12 a ciki, kada ka wahalar da kanka, ka ce ya turo na asalin.

Maganin duka biyun guda ne. Lambar wayar hannu ta Nijeriya, in aka cire sifilin gaba, harafi goma ce. Sai mu yanko goman ƙarshe mu ɗora +234 a gabansu. A akwatin C2:

```
="+234"&RIGHT(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2," ",""),"-",""),10)
```

SUBSTITUTE biyun suna share tazara da karan da mutane ke sawa a tsakiyar lamba, RIGHT kuma yana ɗauko goma daga dama. Ko an rubuta da sifili, ko babu, ko da 234, sakamakon iri ɗaya ne. Sai a ja fomular zuwa layi na 241. Dalilin sa +234 shi ne lambar za ta yi aiki ko mai wayar ya tsallaka Maraɗi, kuma WhatsApp ba ya ruɗewa wajen gane ta.

Amma fomular nan makauniya ce, ku lura da kyau. Idan mai rubutu ya tsallake harafi ɗaya, ya sa 0803 000 001 da tazara yadda Excel bai cire sifilin ba, fomular za ta ɗauko goma har da sifilin, ta ba ka +2340803000001. Tsawonta daidai ne, lambar kuwa ba ta kowa ba ce. Haka idan an cusa lamba biyu a akwati ɗaya, ta biyun kaɗai za ta ɗauka, ta farkon ta salwanta shiru. Saboda haka a D2 a auna tsawon abin da ke B:

```
=LEN(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2," ",""),"-",""))
```

Amsar da ake so 10, 11, 13 ko 14 ce. Duk layin da ya ba da wata amsa daban, a duba shi da ido. Sannan a bi layin C, duk inda sifili ya biyo bayan +234, akwai harafin da ya faɗi, sai an koma wurin mai lambar.

Wani ɗan'uwa daga baya ya ɗaga hannu: "Malam, mu rabin mambobinmu 'yan Nijar ne, yaya ke nan?"

Tambaya mai kyau. Lambar Nijar harafi takwas ce kuma ba ta da sifilin da ake cirewa, sai ka sa +227 ka mayar da 10 ɗin nan 8. Ta Gana +233 ce da harafi tara. Ka ware su tun farko, kowace ƙasa da tata fomular, in ba haka ba za ka liƙa wa mutumin Damagaram +234. Kuma idan Excel ɗinka na Faransanci ne, RIGHT sunansa DROITE, SUBSTITUTE kuma SUBSTITUE, LEN shi ne NBCAR, CHAR da za mu gani yanzu shi ne CAR, sannan alamar ; ake sawa tsakanin sassan fomula a madadin waƙafi.

Da lambobi sun zama iri ɗaya, yanzu ne ya dace a cire maimaici, da Remove Duplicates da ke ƙarƙashin Data, a zaɓi jadawalin duka, amma a sa shi ya duba layin C kaɗai. Kafin gyara, 0803 da 234803 mutum biyu ne a wurin Excel. A sunayen kuma a cire waƙafi da alamar ; domin a vCard su ne ke raba gidaje, suna iya tsinka suna biyu.

Shawara ɗaya kafin mu haɗa katunan: a sa wa kowane suna alama a gaba, misali KM, ya zama KM Malam Ɗanladi. Ranar da aka so fitar da su daga waya, bincike ɗaya zai tattaro su duka.

A E2 sai fomular kati:

```
="BEGIN:VCARD"&CHAR(10)&"VERSION:3.0"&CHAR(10)&"N:;"&A2&";;;"&CHAR(10)&"FN:"&A2&CHAR(10)&"TEL;TYPE=CELL:"&C2&CHAR(10)&"END:VCARD"
```

CHAR(10) shi ne sauka sabon layi. A ja ta ƙasa, a kwafe daga E2 zuwa ƙarshe, ban da kan jadawali, a liƙa a Notepad. Nan za ku ga wani abu: kowane kati ya zo da alamar " a farkonsa da ƙarshensa. Excel ne ke ƙara ta ga duk akwatin da ke da layi fiye da ɗaya. Idan aka bar ta, waya za ta nemi BEGIN a farkon layi ta rasa, ta ce fayil ɗin ba shi da komai ko ba ya karantuwa. A danna Ctrl+H, a sa " a gidan sama, a bar na ƙasa wayam, a danna Replace All. Sai a sauka ƙarshen rubutun a duba lambar layi: in ba a cire kowa ba, mutum 240 sau layi shida, ya kamata END:VCARD na ƙarshe ya faɗa a layi na 1440.

Wajen adanawa akwai gidaje biyu da ake mantawa. A Save as type a zaɓi All files, a rubuta suna kamar mambobi.vcf, in ba haka ba fayil ɗin zai iya fitowa da .txt a wutsiya, waya ta ɗauke shi wasiƙa. A Encoding kuma a zaɓi UTF-8. Wannan ya shafe mu kai tsaye saboda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan aka adana da ANSI, waɗannan baƙaƙe ba su da gurbi a ciki, Ɗanladi zai koma ?anladi, kuma ba ya gyaruwa sai an sake daga Excel. Idan kuwa ka ga ÆŠanladi, to an adana daidai, wajen karantawa ne aka yi kuskure, sunan yana nan lafiya a fayil. Akwai wani zaɓi mai suna UTF-8 with BOM, a bar shi, yana ƙara wata ɓoyayyar alama gaban BEGIN na farko wadda ba kowace waya ke jure mata ba.

Kada a fara da 240. A yi ƙaramin fayil na mutum uku, ɗaya daga cikinsu mai ƙ ko ɗ a sunansa, a tura waya, a shigar, a kira lamba ɗaya a ji ta shiga. Sannan a tura babban, bayan an goge ukun nan don kada su ninku.

A Android, danna fayil ɗin a ma'ajiyar fayiloli yakan isa, ko a shiga manhajar Contacts a nemi Import from file. Wurin da yake ya bambanta daga waya zuwa waya. Idan ta tambayi inda za ta ajiye, a zaɓi asusun Google. Katin SIM gurbinsa kaɗan ne kuma yana datse dogon suna. A iPhone a tura fayil ɗin ta imel, a buɗe shi, a danna Add All Contacts. Idan waya ta yi jinkiri, a ba ta lokaci. Wanda ya ƙosa ya sake dannawa zai tarar da kowane mamba sau biyu. Ga wanda ya ajiye a asusun Google, shafin contacts.google.com yana da Undo changes, wanda ke mayar da lambobi yadda suke har kwana talatin baya.

"Malam, akwai shafukan intanet da ke yin wannan kyauta, a ɗora musu fayil kawai."

Akwai su, kuma ni ban yarda da su ba. Jerin nan sunaye ne da lambobin mutane 240 da suka ba ƙungiya amana, ba ka san hannun wa za su faɗa ba, ga 'yan damfarar waya kowa ya san halinsu. In fomular ta yi maka nauyi, ka gyara layin C kamar yadda muka yi, ka adana da CSV UTF-8, ka shigar ta Import a contacts.google.com cikin asusunka. Can ɗin kan jadawali ne ke kawo matsala, don haka ka fara fitar da lamba ɗaya ta Export a tsarin Google CSV, ka kwafi sunayen kan yadda suke. Kuma bayan ka adana CSV ɗin, kada ka sake buɗe shi da Excel ka adana, domin zai cinye alamar + ya mayar da lambobin E+12. In kana son leƙawa, ka buɗe shi da Notepad.