Allon Cinikin Wata: Yadda Ake Karanta Shi

Ranka ya daɗe, ga sabon allon cinikin wata. Kafin ka dubi kowane adadi, fara duba kusurwar sama ta dama, inda aka rubuta lokacin da bayanai suka shiga na ƙarshe. Allon yana ɗauko rasitai ne sau ɗaya cikin dare, don haka abin da ka gani da safe cinikin da ya tsaya jiya ne.

Babban adadin da ke tsakiya, mai suna `Net Sales`, shi ne cinikin da ya rage bayan an cire ragin da aka yi wa masu saye da kayan da aka dawo da su. Ba kuɗin da ya shigo hannu ba ne. Kayan da aka bayar bashi suna ciki tun ranar da aka yanke rasiti, shi ya sa ba zai yi daidai da abin da ke asusun banki ba.

Yanzu dubi sandar da ke ƙarƙashinsa, nan ne aka fi yin kuskure. A ce an sa wa wata burin katan 1,200, kuma ranakun aiki 24 ne. Kowace rana tana bukatar katan 50 ke nan. Bayan cinikin rana ta 10 ya shiga, allon ya nuna an sayar da 460, wato kashi 38 cikin ɗari na burin. Wanda ya tsaya a nan hankalinsa zai tashi a banza. Ɗan siririn layin da ya ratsa sandar shi ne inda ya kamata a kai zuwa wannan ranar, wato 500. Giɓin katan 40 ne. Amma kada a raina shi: ana sayar da 46 a rana, in aka ci gaba a haka wata zai ƙare a 1,104, saura 96. Domin a cike, ranaku 14 da suka rage sai kowacce ta kawo kusan 53.

Wannan hasashen yana ɗauka duk ranaku ɗaya ne. In manyan dillalai sun saba zuba oda a makon ƙarshe, zai nuna ƙasa da gaskiya a tsakiyar wata, sai ka gwada da wannan watan na bara.

Jadawalin ƙasa ya raba ciniki yanki-yanki. In ka ga wani yanki ya faɗi kwatsam, danna shi ka duba `Returns` kafin ka kira mai kula da shi. Kayan da aka sayar a watan jiya aka dawo da su yau, daga wannan watan ake cire su.

In kuma jimilla ta yi ƙanƙanta ba gaira ba dalili, galibi an bar zaɓin wani yanki ne a kunne. Danna `Clear filters`, ka sake dubawa.